Jerin na'urorin da aka yarje wa shiga rauta: me yake tsarewa, me ba ya tsarewa?

Duk wanda ya taɓa sayen datar wata guda ta ƙare masa cikin kwana goma sha biyu ya san inda zuciyarsa ke fara zuwa: akwai wanda ke sha a ɓoye. Daga nan sai wani ya ba shi shawara cewa ya shiga saitin rauta ya kunna MAC Filter, ya rubuta wayoyin gidansa kaɗai, shi ke nan ya huta. Shawarar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, da amsoshinsu iyakar sanina.

Mene ne adireshin MAC ɗin ma tukuna?

Lamba ce da kowane katin sadarwa ke ɗauke da ita, na waifai ne ko na kebul. Tana da gurbi 12, ana rubuta su bibbiyu, kamar haka: 00:1A:2B:3C:4D:5E. Kowane gurbi yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 9 ko harafi daga A zuwa F. A adireshin da ya zo daga masana'anta, rabin farko yana nuna kamfanin da ya ƙera katin, kuma hukumar IEEE ce ke raba wa kamfanoni wannan rabin. Rabin ƙarshe kamfanin ne ke ba kowane kati nasa.

Da wannan lamba rauta ke gane wa zai miƙa wa saƙo a cikin gida ko shago. Kwamfutar da ke da waifai da kuma ramin kebul tana da adireshi biyu daban, kowanne da nasa. Mutane da yawa a nan suke fara yin kuskure, su rubuta na kebul alhali da waifai kwamfutar ke shiga.

Yaya jerin ke aiki?

Kamar maigadi ne da aka ba takarda mai sunaye. Waya ta zo tana neman shiga, rauta ya duba adireshin da ta faɗa, ya duba takardarsa. In yana ciki ya buɗe, in babu ya ƙi. Yawancin rautoci suna ba da zaɓi biyu. Ɗaya shi ne Allow ko Whitelist, wato ba mai shiga sai wanda aka rubuta. Ɗayan kuma Deny ko Blacklist, wato kowa ya shiga ban da wanda aka rubuta. Maganarmu a kan na farkon ce.

Abin lura shi ne maigadin nan ba ya kallon fuska, ba ya neman katin shaida. Sunan da aka faɗa masa kawai yake ji. Duk raunin da za mu yi magana a kai daga nan ya taso.

To ai ba wanda ya san adireshin wayata. Ta ina zai samu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, don haka bari in tsaya a kanta.

Saƙon waifai yana tafiya ne a iska guntu-guntu. Kowane guntu yana da kai da kuma ciki, kamar ambulan da wasiƙar da ke cikinta. Idan ka saka kalmar sirri ta WPA2 ko WPA3, wato tsare-tsaren kulle waifai, abin da ke ciki ne ake kullewa. Abin da aka rubuta a bayan ambulan, wato adireshin mai aikawa da na mai karɓa, a fili yake tafiya. Kuma dole ne ya zama haka, domin kowace na'ura da ke kusa tana bukatar ta duba kan saƙon ta gane nata ne ko ba nata ba kafin ta fara wahalar buɗe shi. Ba kuskuren wani kamfani ba ne, haka tsarin waifai yake tun daga tushe.

Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da wayarka ke kallon bidiyo ko karɓar saƙo, tana ta shelanta adireshinta ga duk wanda ke iya jin siginar. Mutumin da ke zaune a benci a ƙofar shago da kwamfuta da katin waifai mai iya sauraron iska zai ga sunan waifanka, ya ga adireshin rauta, ya kuma ga adireshin kowace na'ura da ke magana da rautan a lokacin. Bai bukaci kalmar sirri ba, bai bukaci ya shiga ba, kuma rautanka ba zai san ana saurare ba domin mai sauraro ba ya aika komai. Duk na'urar da ya ga tana musayar data da rautan, ya san tana cikin jerin. Ka ga kenan jerin da kake ɗauka sirri ne, na'urorinka da kansu suke karanta shi a bainar jama'a.

Ko ya sani, ai ba zai iya canja lambar da aka ƙera na'urarsa da ita ba?

Zai iya, kuma ba aiki ne mai wuya ba. Lambar masana'anta tana nan a cikin katin, amma abin da ake rubutawa a kan saƙo manhajar kwamfutar ce ke yanke shi. A kwamfutar Linux layi uku ne, inda wlan0 ke a madadin sunan katin waifan kwamfutar, lambar da ke layi na biyu kuma a madadin adireshin da ake so a ba ta:

```
sudo ip link set dev wlan0 down
sudo ip link set dev wlan0 address 02:11:22:33:44:55
sudo ip link set dev wlan0 up
```

Na kawo wannan ne don ka gwada a kan rautanka da na'urorinka, ka gani da idonka. Kashe waifan wayarka da ke cikin jerin, ka ba kwamfutar da ba ta cikin jerin adireshin wayar, ka nemi shiga. Rauta zai karɓe ta a matsayin wayar. Wanda ya yi wannan gwajin sau ɗaya ba ya sake dogara da jerin shi kaɗai.

In na cire kalmar sirri gaba ɗaya na bar jerin kawai fa? Ya fi sauƙi.

Kada ka yi. Wannan shi ne mafi munin yadda ake amfani da jerin, kuma na ga masu yi, musamman don gudun wahalar rubuta kalmar sirri a firinta ko talabijin. Idan waifai a buɗe yake, iskar ba ta da kulle ko kaɗan. Jerin yana hana shiga ne kawai, ba ya ɓoye ko da harafi ɗaya na abin da ke wucewa. Shafukan da ke amfani da HTTPS suna da nasu kullen, amma mai sauraro zai iya ganin sunayen shafukan da kake ziyarta a mafi yawan lokuta, kuma duk abin da ke tafiya ba tare da kulle ba, kamar takardar da aka tura wa wasu firintoci, yana iya karanta shi. Sannan shigar ma da ake cewa an hana, ka riga ka ga yadda ake tsallake ta.

Idan akwai kalmar sirri mai ƙarfi, jerin yana ƙara wani abu?

Yana ƙarawa, amma a wuri guda ƙayyadadde: wanda ya samu kalmar sirrin alhali ba ka ba shi ba, kuma ba shi da ilimin canja adireshi. Irin waɗannan mutanen su ne mafi yawa, gaskiya. Tun daga Android 10, waya na iya nuna waifan da ta shiga a matsayin lambar QR, wani ya ɗauka da kyamara ya shige cikin daƙiƙa biyar. Ka ba ƙaninka kalmar sirri, shi ya ba abokinsa, abokin ya ba 'yan majalisarsu. Jerin yana tsayar da irin wannan yaɗuwar, domin ko da kalmar sirri a hannu, wayar da ba a rubuta ba za ta tsaya a ƙofa.

Amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba. A WPA2 na gida, wanda kowa ke amfani da kalmar sirri ɗaya, mutumin da ya san kalmar kuma ya saurari gaisuwar da waya ke yi da rauta lokacin shiga zai iya buɗe abin da wayar ke aikawa ta iska, ba tare da shi ya shiga ba. Jerin ba shi da ta cewa a nan, domin mai sauraro bai nemi izinin shiga ba balle a hana shi. WPA3, wanda aka fitar a 2018, ya toshe wannan hanyar sauraron. Saboda haka in kalmar sirri ta fita, maganinta a canja ta. Kunna jerin a bar tsohuwar kalmar kamar rufe ƙofa ne da ɓarawo a cikin ɗaki.

Ina so in kunna duk da haka. Yaya zan yi ba tare da na kulle kaina a waje ba?

Bari mu ɗauki misali. A ce shagon buga takardu ne mai rautan 4G guda, kwamfutoci biyu, firinta mai waifai, wayar mai shago da wayoyin yaransa biyu. Na'urori shida kenan.

Mai shagon zai fara da haɗa kwamfuta ɗaya da rauta ta kebul, in rautan yana da rami. Dalili shi ne a rautoci da yawa jerin waifai ba ya taɓa kebul, don haka ko an yi kuskure akwai hanyar komawa. Sai ya buɗe burauza ya rubuta adireshin shafin saitin rautan, wanda galibi yana manne a ƙasansa: 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Bayan ya shiga, ya nemi shafin da ke nuna na'urorin da ke haɗe yanzu, wanda ake kira Connected Devices ko Client List ko wani suna mai kama da haka.

Shawarata ita ce ya kwafi adireshin daga wannan shafin, kada ya kwafa daga kwalin waya ko daga shafin bayanin waya. Abin da rauta ke gani shi ne abin da zai gwada da jerin. Don kada ya rikita wace ce wace, ya kashe waifan dukkansu, ya riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a littafi: wannan ta wane ce, adireshinta kaza. A kwamfutar Windows yana iya tabbatarwa da wannan umarni, ya duba layin waifai:

```
getmac /v
```

Na'urar da yake aiki da ita ita zai fara sakawa a jerin, sannan sauran biyar, sannan a ƙarshe ya zaɓi Allow ya adana. Wanda ya fara kunna Allow kafin ya rubuta kansa, ta waifai kuma yake shiga, rautan zai kore shi nan take. In rautan ƙaramin na aljihu ne mara ramin kebul, wani lokaci kebul ɗin caji da aka haɗa da kwamfuta yana ba da hanyar shiga. In hakan bai yi ba, sai a danna maɓallin Reset, wanda zai goge duk saiti har da sunan waifai da kalmar sirri, a sake komai daga farko.

Na rubuta adireshin da ke cikin wayata daidai, amma ta ƙi shiga. Me ya faru?

Kusan kullum dalili ɗaya ne. Wayoyin yanzu ba sa nuna wa rauta adireshinsu na masana'anta. Daga Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, waya tana ƙirƙiro adireshi daban ga kowane waifai da ta shiga, don kada a riƙa bin sawun mai ita daga wuri zuwa wuri. A Android za ka gan shi a saitin waifan da sunan Randomized MAC, a iPhone kuma Private Wi-Fi Address. Windows ma yana da nasa, Random hardware addresses.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane adireshin ƙirƙira. Dubi gurbi na biyu daga hagu. In 2 ne ko 6 ko A ko E, ba na masana'anta ba ne. Misali 3A:5F:10:8C:22:71, gurbinsa na biyu A ne, don haka na ƙirƙira ne.

Mafita biyu ce. Ko ka rubuta adireshin ƙirƙirar yadda rauta ke ganin sa, ko ka kashe wannan zaɓin ga waifan gidanka kaɗai, wayar ta koma amfani da na asali. Na fi son na biyun ga na'urorin da ke zaune a gida ko shago, domin ba ya canjawa. Amma a kashe ga wannan waifan kawai, a bar shi a kunne ga na otal da na tasha da sauran wuraren jama'a.

Mu koma shagon can. A ce mai shagon ya rubuta adireshin ƙirƙira na wayoyi ukun, komai na tafiya lafiya. Bayan wata biyu ya canja sunan waifan. A wurin wayoyin wannan sabon waifai ne, don haka kowacce ta ƙirƙiro sabon adireshi, rauta kuma ya ƙi su duka ukun. Firinta, wadda ke amfani da adireshinta na asali, za ta shiga da zarar an ba ta sabon sunan. Mai shagon zai zaci wayoyin ne suka lalace ko rautan, alhali jerin ne ya tsufa. Haka ma in aka mai da waya yadda ta fito daga kamfani, ko aka zaɓi Rotating a sababbin iPhone, wanda ke sauya adireshin lokaci zuwa lokaci.

Ina da na'urar ƙara sigina a ɗakin baya. Za ta yi aiki da jerin?

Sai an yi hattara. Wasu na'urorin ƙara sigina suna sauya adireshin duk wayar da ta biyo ta kansu kafin su miƙa wa babban rauta. Sai ka ga waya tana shiga lafiya a falo, a ɗakin baya kuma ta ƙi. Dole a rubuta adireshin na'urar ƙara siginar kanta, da kuma adireshin da rauta ke gani na kowace waya idan ta biyo ta can.

Ta yaya zan gane cewa wani ya ari adireshin na'urata?

Babu alama guda da za ta tabbatar, amma akwai abubuwan da ke sa a yi zargi. Idan na'urori biyu suna amfani da adireshi ɗaya a lokaci ɗaya, sukan riƙa ture juna: waya ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa, alhali sauran na'urori lafiya lau kuma sigina a cike. Alama ta biyu ta fi ƙarfi. Wayar yaron shago tana aljihunsa a kasuwa, amma shafin rauta yana nuna tana haɗe tana cin data. A nan a lura, wasu rautoci suna barin suna a shafin na ɗan lokaci bayan na'ura ta tafi, don haka a duba ko datar tana motsi, ba sunan kawai ba. Ta uku ita ce sunan na'urar ya bambanta: adireshin na waya ne, amma sunan da ya bayyana na kwamfuta ne da ba ka sani ba.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne a kashe waifan kowace na'ura taka, a shiga rauta ta kebul, a jira minti goma, a duba. Duk abin da ke nan yana jan data ta waifai ba naka ba ne.

Wanda ya san abin da yake yi zai jira sai ka rufe shago ko na'urar ta bar wurin, don haka ba za a ga turereniyar ba. Kuma kafin a zargi maƙwabci, a duba na gida. Sau da yawa abin da ke cinye data sabunta manhajar kwamfuta ne da ke sauka da kansa, ko waya da ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet duk lokacin da ta ga waifai.

Ɓoye sunan waifai tare da jerin fa, ba su isa ba?

Ba su isa ba, domin rauninsu iri ɗaya ne. Sunan da aka ɓoye yana fitowa fili a iska duk lokacin da wata na'urarka ta nemi shiga. Mai sauraron da zai ga adireshin shi ne zai ga sunan.

To mene ne ainihin makullin?

Tsarin kullewa da kalmar sirri. A shafin tsaro na waifai, zaɓi WPA3 in rautan da na'urorinka suna ɗauka, in ba haka ba WPA2 tare da AES. WEP, tsohon tsarin kullewa, an daɗe da karya shi, kada a taɓa shi. Kalmar sirrin WPA2 tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, kuma tsawo ne ke ba ta ƙarfi. Dalili shi ne wanda ya naɗi gaisuwar shiga zai iya tafiya gida da ita ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa ba tare da rautan ya sani ba. Lambar waya, ko sunan shago da shekara, suna cikin abin da za a fara gwadawa. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, waɗanda suka kai harafi ashirin, sun fi su nesa ba kusa ba, kuma ba su da wuyar tunawa.

Sai WPS. Wannan hanya ce ta shiga da lamba mai gurbi 8 maimakon kalmar sirri. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta yana duba lambar ne rabi-rabi, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta, daga nan kuma rautan ya miƙa kalmar sirrin komai tsawonta. Rautocin baya-bayan nan da yawa suna kulle kansu bayan an yi kuskure 'yan lokuta, amma kashe WPS ɗin ya fi kwanciyar hankali.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma yana da alaƙa kai tsaye da jerin: kalmar shiga shafin saitin rautan. In har yanzu admin ce, duk wanda ke cikin waifan zai iya buɗe shafin ya rubuta wayar abokinsa a jerin da hannunsa, ko ya kashe jerin dungurungum. A shagon da muka yi misali da shi, wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga yaron shago, ba sai ya koyi canja adireshi ba.

Baƙi da kwastomomi fa? Kullum sai na rubuta wayar kowa?

A'a, wannan wahala ce marar amfani, kuma ƙananan rautoci suna da iyakar adireshin da jerinsu ke ɗauka. In rautan yana da Guest Network, wato waifan baƙi, a kunna shi da kalmar sirri daban, a hana shi ganin kwamfutoci da firinta na ciki, a riƙa canja kalmarsa duk mako ko duk lokacin da aka ga dama. Canja ta ba zai taɓa na'urorin shagon ba. A dai gwada bayan kunnawa, domin a wasu rautocin jerin yana shafar waifan baƙi shi ma.

Makaranta ko ofis mai mutane da yawa kuwa, kalma ɗaya ga kowa ba ta dace da su ba tun farko. Abin da ya dace shi ne WPA2-Enterprise ko WPA3-Enterprise, inda kowane mutum ke da sunansa da kalmarsa, in ya bar aiki a soke nasa kaɗai.

Wanda ya riga ya kunna jerin, ya kashe ne?

In na'urorinka kaɗan ne kuma ba sa yawan canjawa, bar shi, yana rage maka masu shiga da kalmar aro. Amma yau ɗin nan ka shiga shafin rautan ka duba abubuwa uku: tsarin kullewa WPA2 ne ko WPA3, WPS a kashe yake, kalmar shiga saiti ba ta kamfani ba ce. Sannan in ka kunna jerin ne saboda kana zargin kalmar sirri ta fita, ka canja ta, ka sake shigar da na'urorinka da sabuwar. Ka bar sunan waifan yadda yake, bayan haka kuma ka duba shafin rauta ka tabbatar adireshin kowace waya bai sauya daga abin da ke cikin littafinka ba.